Anko ɗaya, jiki takwas: ya zan yi da ɗinkin ƙawayen amarya?

Babbar ƙawa: Salam 'yan uwa dan Allah a ban shawara. Bikin aminiyata saura sati 6, ni aka ɗorawa anko. Mu 8 ne, mun ciro atamfa a Kantin Kwari mai manyan fulawoyi, kowa turmi ɗaya. Amarya ta ce fitet gawun take so duk iri ɗaya ranar kamu. To akwai mai jiki sosai kuma gajera, hif ɗinta 52, akwai doguwa siririya kamar sanda, ɗaya tana shayarwa ɗaya kuma ciki wata 4. Ya zan yi kowa ya yi mata kyau kuma a gane anko ne?

Maman Husna: Wa alaikis salam ƙanwata. Shekarata goma sha ina kan keke, bari in fara miki da yadi tukunna dan a nan ake fara faɗuwa ba a wajen sitayil ba. Turmi yadi 6 ne, yadi kuma inci 36, faɗin atamfa kuwa bai cika wuce inci 45 zuwa 47 ba. Wannan faɗin shi ne zai yanke muku hukunci.

Ɗauki doguwar nan. A ce daga kafaɗa zuwa ƙasa inci 60 take, kin ga faɗin atamfa ba zai kai ba, dole tela ya yanka ta tsawon turmin. Da kalmasa da abin da ɗinki zai ci ya zama 63, gaba da baya 126, yadi 3 da rabi kenan sun tafi, a cire ɗaya na ɗankwali, saura ɗaya da rabi na hannu. Yadi ya isa ba matsala. Matsalar ita ce sauran idan an yanka nasu ta faɗi ita kuma ta tsawo, fulawar kowa tana tsaye tata a kwance, a ido ba lallai ki lura ba amma ranar da hoto ya fito kun jeru sai ki ga kamar wata atamfar daban ta sa. Dan haka abu na farko ki shimfiɗa turmi ɗaya a kan gado ki duba, fulawar nan tana da kai da ƙafa ko duk ta inda aka juya ɗaya ne? In tana da kai, kowa ta faɗi za a yanka mata, a raba rigar a ƙugu sama daban ƙasa daban. Doguwar kuma a auna ta daga ƙugu zuwa ƙasa da takalmin da za ta sa a ƙafarta, in ya wuce 44 faɗin ba zai isa ba bayan kalmasa, sai a sa mata faffaɗan bel a ƙugu na inci 4 ko a ƙara baza a ƙasa. Kuma hakan ma shi zai yi mata kyau dan siririya abin da zai yanke tsawonta take buƙata.

Ummu Sadik: Ni dai a ganina mai jikin nan kawai a zuba mata bubu a huta, masu jiki ba su da kamar bubu yana rufe komai. Sauran su yi fitet ɗinsu.

Zee Kaduna: Haba Ummu Sadik, mutum 7 sun sha fitet ita kaɗai da bubu, ai sai a ɗauka uwar amarya ce ta shigo hoto. Ni mai jiki ce, 50 nake sawa a hif, kuma wallahi ba abin da na tsana irin a ce min "ke kiyi bubu". In ita ta ce tana so shikenan amma kar a zaɓa mata.

Maman Husna: Ummu Sadik maganarki da gaskiya rabi. Bubu yana yiwa doguwa mai jiki kyau ƙwarai dan tana da tsawon da zai zubo. Amma gajera kuma a atamfa mai manyan fulawoyi, atamfa ba ta zubowa kamar shifon, tsayawa take, sai ta fito kamar an kifa mata akwati faɗi da tsawo ɗaya.

Abin da nake yi wa irinta: sama ya kama ta daidai daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙirji, a sa mahaɗin rigar sama da ƙugunta kaɗan wajen inci 1 zuwa 2, dan nan ne wurin da ya fi siranta a jikin yawancin masu jiki kuma yana sa ƙafa ta yi kamar ta ƙara tsawo. Daga nan ƙasan ya tafi yana buɗewa a hankali, ba tattara ba, tattara a atamfa ƙara mata za ta yi. A hif a bar mata inci 2 zuwa 3 sama da awonta, wato 54 ko 55, ta iya zama ta tashi. Wuya mai ɗan tsini ƙasa ba mai zurfi ba, hannu ya sauka ƙasan gwiwar hannu, kar ya tsaya a tsakiyar damtse inda ya fi kauri. Daga nesa fitet za a gani.

Sai kuma fulawar. Ki ce wa tela da bakinki kar babbar fulawa ta faɗo a kan nono ko tsakiyar ciki ko kan mazaunai, ya saita ta sauka ta tsakiya layi ɗaya ko ta gefe. Wannan saitin yana cin yadi sosai, ana iya asarar rabin yadi ko fiye dan neman inda zane zai haɗu. Shi ya sa turmi ɗaya zai matse ta. Ku koma inda kuka saya yau ɗin nan ku ƙaro turmi ɗaya ko biyu na gaba ɗaya, kuma ki tafi da ƙyalle ki haɗa a hasken rana, wani lokacin zane ɗaya ne amma in wani zuwan ne kalar takan ɗan bambanta.

Hajjo: Nawa kuka sa kuɗin ankon? Dan gaskiya yanzu abin ya yi yawa, biki ɗaya anko uku, na kamu na dina na walima ga gwaggwaro ga mayafi, mutum bai gama biyan na wata ba an turo na wata. A dinga tausayawa ƙawaye.

Babbar ƙawa: Hajjo an riga an saya ai kowa ta biya, ɗinkin ne damuwar. Anti Maman Husna na duba, fulawar tana da kai kam, har da ganye a ƙasa. To mai cikin fa da mai shayarwa?

Maman Husna: Mai ciki wata 4 yau, ranar biki tana wata 5 da rabi, awon yau ba zai yi aiki a ciki ba har ƙirji ma ƙaruwa yake. Ita a yanke mata daga ƙasan ƙirji kai tsaye, ƙasan ya sake, kuma nata ne na ƙarshe da za a ɗinka. A sake auna ta saura kwana 10, a bar inci ɗaya da rabi a kowane gefe ta ciki yadda in ta matse farke layi ɗaya kawai za a yi. Gaban rigar a ƙara masa tsawo kamar inci 2 a kan baya dan ciki yana ɗaga riga, in ba haka ba gaba ya ɗage baya yana jan ƙasa. Mai shayarwa ni da so samu ne riga da siket, rigar mai feflom ta rufe mahaɗi, a hoto ba mai cewa ba doguwar riga ba ce. In dole sai gawun to ɓoyayyen zif a gaba. Kuma ta zo awo da rigar nonon da za ta sa ranar.

Fati Maraɗi: Maganar zif ta tuna min. Bikin 'yar yayata bara aka ce duk koset za mu yi, telan ya ɗame ni har numfashi da ƙyar, na ce ya ɗan saki ya ce ai haka yayin yake. Ana cikin liƙi na sunkuya ɗaukar jakata sai ji na yi ɓarrr tun daga wuya har ƙugu, da mayafin wata na ƙarasa bikin a zaune bayan kujera ko shinkafar ban ci ba. Tun daga ranar in na je gwaji sai na zauna a kujera na ɗaga hannu sama na sunkuya a gaban tela kafin in karɓa.

Zee Kaduna: Fati wannan laifin tela ne ba na koset ba. Ni koset ne ma yake fito min da ƙugu, kawai a yi mai igiya a baya ba zif ba, in kin ci abinci ki sassauta.

Maman Husna: Mai igiya ya fi kam, amma ban da mai ciki ban da mai shayarwa, kuma atamfa sai an yi mata shafi mai ƙarfi kafin ta ɗauki koset, ba kowane tela ya iya ba. Gwajin Fati kuwa shi ne daidai. Ki ƙara da wannan, in kin ga layuka suna ja a kwance wajen hif ko zif yana lanƙwasa kamar maciji, ta matse ko bayan ya yi tsawo, a gyara tun a shago.

Anti Bilki: Duk kun yi maganar ɗinki ba wadda ta yi maganar amarya, ita ce fa ta ce iri ɗaya. Ƙanwata kar ki je mata da "kowa za ta yi nata" za ta ga kamar kun raina ta. Ce mata za ki yi abu 3 ɗaya ne a jikin kowa: tsawon riga har ƙasa, kalar mayafi, da ɗaurin kai mutum ɗaya ta ɗaura wa duka. In da hali hannu ma iri ɗaya. Su ne ido yake kamawa in an jeru, ba wanda zai tsaya duba inda aka yanke ƙugu. Kuma tela ɗaya ya ɗinka duka.

Fati Maraɗi: Tela ɗaya kaya 8 a lokacin biki? Anti wallahi ranar kamu da safe za a tarar da ku a shago ana jiran sa zif. Gara biyu ko uku.

Anti Bilki: Uku kuma kowa da hannunsa, ɗaya ya yi kafaɗa mai tudu ɗaya ya yi a kwance. Na gani ai.

Babbar ƙawa: Na gode Allah ya bar zumunci. Na kira mai shagon ya ce turmi ɗaya ne kawai ya rage irinta, na ce ya ajiye min gobe da safe zan shiga kasuwa. Maganar tela dai biyu daga cikinmu a Zariya suke kuma sun ce ba mai taɓa musu kaya sai nasu, ita kuma amarya na tura mata saƙo tun azahar ta gani ba ta ce komai ba.