Neman shawara: yadda zan haɗa tarin takardu cikin PDF guda ba tare da ya yi nauyi ba

Maryam: Assalamu alaikum. Ina da takardu 68 masu rubutu gaba da baya, wasunsu da hatimi da sa hannu, kuma an nemi in tura su ta imel a fayil ɗin PDF guda wanda bai wuce megabait 25 ba. Firintarmu tana da tiren sama mai jan takarda da kansa, amma takarda 35 yake ɗauka kuma fuska ɗaya yake karantawa. Na gwada a 600 dpi mai kala, sai kowane shafi ya fito a matsayin hoto daban, nauyin kuma ya wuce misali. Ina neman shawarar masana.

Nasiru: Wa alaikumus salam, Malama Maryam. Hotuna daban-daban da kika samu sun faru ne saboda nau'in fayil yana kan JPEG, wanda ba ya iya riƙe shafi fiye da ɗaya. Ki shiga saitin sikanin ki mayar da shi PDF, kuma idan na'urar ta ba ki zaɓi tsakanin shafi ɗaya da shafuka da yawa, ki ɗauki na biyun. Game da 600 dpi kuwa, ni ina ganin ki bar shi a haka, domin gara a ɗauko hoto mai kyau sosai, daga baya a matse shi a ɗaya daga cikin shafukan intanet da ke rage nauyin PDF.

Malam Habu: Idan takardun suna fitowa da nauyi ko suna ɗaukar lokaci, mai yiwuwa tawada ce ta yi ƙasa. A duba ta tukuna kafin a taɓa saiti.

Bashir: Malam Habu, Allah ya ƙara girma, sikanin ba ya taɓa tawada, fitila da na'urar ɗaukar hoto kawai yake amfani da su. Malam Nasiru ya yi daidai a kan JPEG, amma ban goyi bayansa a kan 600 dpi ba, kuma ban ga dalilin ɗora takardu masu sa hannun mutane a shafin da ba a san mai shi ba alhali ana iya samun nauyin da ake so tun daga na'urar.

Lambar dpi tana nufin yawan ɗigon da na'ura ke ɗauka a kowane inci, a tsaye da kuma a kwance, saboda haka idan aka ninka ta sau biyu, yawan ɗigon yana ninkuwa sau huɗu ne. Takardar A4 a 300 dpi tana ba da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7, amma a 600 dpi sai ta kai kusan miliyan 35. Rubutun wasiƙa ko takardar yarjejeniya ba shi da wani ƙaramin abu da 300 dpi zai kasa kamawa, don haka ƙarin da kika samu a 600 galibi zanen jikin takarda ne da ƙura. A 300 ɗin ma manhajojin da ke mayar da hoto rubutun da za a iya bincikawa suka fi son aiki. Ana sauka zuwa 200 idan karantawa kawai za a yi a allo kuma haruffan manya ne, ana hawa 600 idan akwai rubutu ƙanana sosai irin na ƙasan takardar inshora ko zane mai siraran layuka.

Abin da ya fi dpi tasiri a nauyi shi ne yanayin launi. Baƙi da fari zalla yana ajiye ɗigo ɗaya a bit ɗaya, toka-toka yana cin bit 8, kala kuma bit 24. Yanzu mu yi lissafin aikinki: takarda 68 gaba da baya shafi 136 ke nan. Ina ba da shawara ki nufi megabait 18 maimakon 25, saboda fayil yana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a hanyar imel, kuma akwatin mai karɓa yana iya ƙin sa. Idan aka raba 18 gida 136, kowane shafi yana da kusan kilobait 130. Shafin rubutu zalla a baƙi da fari 300 dpi yakan tsaya ƙasa da kilobait 100, shi kuwa toka-toka a 300 sau da yawa yana kai ɗaruruwa, gwargwadon yadda na'urar ke matse hoto. Kada ki dogara da kiyasina kaɗai: ki zaɓi takardu uku, mai rubutu cunkus da mai hatimi da mafi dusashewa, ki yi sikanin ɗinsu, ki duba nauyin, ki raba gida uku, ki ninka da 136. Nan take za ki san ko saitin zai kai ki.

Maryam: Na gode, Malam Bashir. Na gwada baƙi da fari a 300, shafuka ukun sun ba ni kilobait 190, wanda ya yi kyau ƙwarai. Sai dai shuɗin hatimin ya zama dunƙulen baƙi a takarda ɗaya, a ɗayar kuma rabinsa ya ɓace. Har yanzu kuma ban gane yadda zan yi da bayan takardun ba.

Bashir: Abin da kika gani halin baƙi da fari ne: kowane ɗigo sai na'urar ta yanke masa hukunci, ko baƙi ko fari, don haka launi mai duhu yana cushewa, mai haske kuma yana ɓacewa, haka ma rubutun fensir. PDF guda yana iya ɗaukar shafuka masu saiti mabambanta, saboda haka ki yi duka tarin a baƙi da fari, sannan ki sake ɗaukar masu hatimi kaɗai a toka-toka ko kala ki maye gurbinsu. Bisa gwajinki shafi 136 zai ci ƙasa da megabait 9, wanda ya bar miki wajen megabait 9 na shafukan hatimi.

Don bayan takardu, ya fi sauƙi a yi aikin daga kwamfuta, ba daga allon firinta ba. Akwai manhaja kyauta mai suna NAPS2 wadda take tara duk shafukan da aka ɗauka a wuri ɗaya har sai kin ce ta ajiye, don haka iyakar takarda 35 ba ta zama matsala. Ki zaɓi Feeder a matsayin inda takarda ke shiga. Ki raba tarin kashi uku marasa cika tire, misali 25 da 25 da 18, domin tire idan ya cika maƙil ya fi jan takarda biyu a haɗe. Ki ɗauki gaban dukkansu a jere, kina kifa kowane kashi a kan wanda ya gabace shi don kada tsarin ya rikice. Idan kin gama, ki mayar da tarin tire kashi-kashi yadda bayan takarda ta 68 zai zama shi ne farkon shiga, ki tabbata kan rubutu yana fuskantar inda ya fuskanta a zagayen farko, sannan ki ɗauki bayan. Za ki samu gaba 68 a jere, sai baya 68 daga ƙarshe zuwa farko. A ƙarƙashin Reorder akwai Alternate Interleave, shi ne yake saƙa su, kowane baya ya bi gabansa.

Sharaɗi biyu ne a nan, kuma a kansu aikin yake yawan lalacewa. Dole a kashe saitin da ke tsallake shafin da babu rubutu, domin idan takarda ta 12 ba ta da komai a baya kuma aka jefar da wannan shafi, jerin ya goce, takardu da dama su ɗauki bayan da ba nasu ba, kuma fayil ɗin zai buɗu lafiya ba tare da wata alamar kuskure ba. Sannan ki ƙidaya: bayan zagayen farko lallai ki ga 68, bayan na biyu 136. Idan kin ga 67, tiren ya haɗiye biyu tare, sai ki nemo wadda ta ɓace ki saka ta a gurbinta kafin ki ci gaba. Cire shafukan da babu komai, da musanya na hatimi, duk sai bayan saƙawa.

Wanda ya riga ya ajiye gaba da baya a fayil biyu yana iya saƙa su da manhajar qpdf ta wannan umarni:

```
qpdf --empty --collate --pages gaba.pdf baya.pdf z-1 -- duka.pdf
```

Hajiya Rabi: Tunda ana maganar tiren sama, ni tawa damuwar daban ce. Duk takardar da ta bi ta tiren sai ta fito da siririn layi daga sama har ƙasa a wuri guda, amma idan na ɗora ta a kan babban gilashi sai ta fito tas. Har an ce mini na'urar ce ta lalace.

Bashir: Ranki ya daɗe, da wuya a ce lalacewa ce. Ki ɗaga murfin, a gefen babban gilashin za ki ga wani siririn gilashi mai tsawo. A aikin tire, na'urar ɗaukar hoton tana tsayawa cak a ƙarƙashinsa, takarda ce ke wucewa, don haka ɗigon tawada ko ɗan ɓurɓushin farin ruwan goge rubutu da ya manne a wurin yana jan layi a tsawon kowane shafi. Ki jiƙa ƙyalle mai laushi kaɗan ki goge shi, ki goge farin ɓangaren da ke saukowa a kansa, kuma ki bi gilashin da ɗan yatsa, domin wani tabon ba ya ganuwa sai an ji shi. Malama Maryam ma ta yi haka kafin ta fara, ta kuma cire duk ƙusar sitefila da kilif, ta bubbuɗe takardun don su rabu da juna, musamman a kusurwar da aka cire ƙusar, inda ramukan ke kama juna. Ƙananan rasit, da takarda mai yagewa ko wadda aka manna wa hoto, a babban gilashi ake ɗaukarsu, a saka su a gurbinsu daga baya.

Nasiru: Na karɓi lissafin, amma akwai abin da ban gamsu da shi ba. Takardun da ke da hatimi da sa hannu ana iya neman su shekaru masu zuwa, kuma abin da baƙi da fari ya zubar ba ya dawowa. Ni da zan ɗauki duka a kala 300 dpi in ajiye a matsayin asali, sannan in fitar da mai sauƙin nauyi don turawa.

Bashir: Wannan hujja ce mai ƙarfi idan takardun za su bar hannunta ko za a lalata su. Idan kuwa suna nan a ajiye, ina ganin shafukan hatimi kaɗai suka cancanci kala, domin rage nauyin fayil mai kala daga baya yakan bar dusashewa a gefen haruffa, abin da baƙi da fari na kai tsaye ba ya yi.

Maryam: Takardun na asali za a mayar wa masu su bayan an tura, don haka maganar Malam Nasiru ta shafe ni. Masu hatimi guda 14 ne, kuma gwajin kala a 200 dpi ya ba ni kusan kilobait 400 a shafi, hatimin yana karantuwa sarai, wato ƙasa da megabait 6 gaba ɗaya. Zan tura da wannan haɗin. Abin da ban yanke ba shi ne ko in sake bin takardun 68 ta tire zagaye biyu don ajiya mai kala, alhali wasunsu sun fara laushi a gefe.