Taƙaitawa: harin gwada kalmomin sirri na sata

Ga abin da 'yan'uwa na Garwa da Marwa suka tattauna.

1. An yarda cewa ɓarawon ba zato yake yi ba. Jerin imel da kalmomin sirri da suka fallasa a wani shafi yake samu, manhaja ta riƙa gwada su a wasu shafukan. Wanda ya sa kalma ɗaya a imel da shagon intanet, idan shagon ya fallasa, imel ya tafi, kuma ta nan ake sauya kalmomin sauran asusun.

2. Alamarsa: shigar da ta gaza ta yi yawa farat ɗaya, asusu dubbai, kowanne gwaji ɗaya ko biyu.

3. Kan taƙaita yawan gwaji aka rabu. Wasu sun ce a ƙirga bisa adireshin IP, wato lambar da na'ura ke shiga intanet da ita. Wasu suka ce maharin na rarraba gwajinsa a kan adireshi masu yawa, alhali a layin waya mutane da dama na raba adireshi ɗaya, sai a toshe marasa laifi. A ganina masu cewa a haɗa ƙirgar adireshi, asusu da na'ura sun fi gaskiya.

4. Duba fallasa: Have I Been Pwned, shafin da ke tara jerin kalmomin sirri da suka fallasa, na karɓar haruffa 5 na farkon SHA-1 kawai, wato lambar da ake lissafowa daga kalmar, ita kanta kalmar ba ta barin wajenka. Idan tana cikin jerin, a ƙi ta tun wajen rajista.