Mita 200 cikin 3:20, a ina nake zubar da lokacin?

Ɗan Sabon Gari: Salamu alaikum jama'a. Ina iyo a fisin wani otel nan Maradi, tsawonta mita 25, wato tahiya 8 ke nan in zan yi 200. Wata biyu ina kan 3:20 ko motsi. Jiya ƙanena ya riƙa min kurono da salula, ga abin da ya rubuto: 50 = 0:42, 100 = 1:32, 150 = 2:28, 200 = 3:20. Daga bango nake turawa, ba na tsalle. In 50 kaɗai zan yi da dukan ƙarfina 40 nake yi. Don Allah mi lambobin nan ke cewa, a ina nake asara?

Mai Shayin Tasha: Wa alaikumus salam. Ai a fili take, 132 ka cire 42 saura 90, hamsin ta biyu ce ta kashe ka abokina, barci ka yi cikin ruwan ko mi 😂

Metir: Mai shayi wannan ba canjin jaka ba ne, minti sakan 60 ne ba 100 ba. 1:32 sakan 92 ke nan, 2:28 kuma 148, 3:20 ta zama 200. Abin da yaron ya rubuto jimla ce tun daga farawa, sai ka cire na baya daga na gaba sannan ka ga kowace hamsin ita kaɗai. Ta farko 42, ta biyu 92 ban da 42 wato 50, ta uku 148 ban da 92 wato 56, ta huɗu 52.

To ƙanena, kowa ya duba zai nuna 56 ɗin nan ya ce ga ɓarauniya, amma ni 42 nake tuhuma. Kai da bakinka ka ce 50 ɗinka ta ƙarshen ƙarfi 40 ce, ka ga ke nan ka buɗe 200 da sakan 2 kacal ƙasa da gudun tsira, alhali saura mita 150 a gabanka. Raba 200 gida 4, matsakaicinka 50 ne. Ka ci bashin sakan 8 a farko, ka biya 6 a ta uku da 2 a ta huɗu, kuma ka biya da wahala. Ɗari ta farko 1:32, ta biyu 1:48, tazarar sakan 16, wannan ta yi yawa ƙwarai. Kuma duba wani abu, ta huɗu ta fi ta uku sauri da sakan 4, ma'ana ba ƙarewa ka yi ƙaf ba, a ta uku jikinka ya ji wuta ka ja birki kana lallaɓawa, da ka hango ƙarshe sai ka sake fiddo abin da ka ɓoye.

Na Bagalam: Ni dai abin da na sani shi ne a fara a hankali a ƙare da wuta, ɗari ta biyu ta fi ta farko sauri, haka manya ke yi. Ya fara da 55 kawai ya ga ikon Allah

Metir: Rabin maganarka gaskiya ce, ya sassauta farko. Amma 55 ta yi sanyi, a 200 babu filin da zai maido wannan. Kuma manyan ma ba haka suke yi ba. Paul Biedermann na Jamus da ya yi 1:42.00 a Rome a 2009, hamsin-hamsin ɗinshi 24.23, 25.89, 26.18, 25.70. Ɗari ta farko 50.12, ta biyu 51.88, ka ga ta farkon ce dai ta fi sauri, sai dai tazarar ba ta kai sakan 2 ba, kuma galibinta tsallen farawa ne ya kawo ta. Shi ma ta ukunshi ce mafi nauyi, amma duba ukun ƙarshen, ko rabin sakan babu tsakaninsu. Shi wannan namu da ba ya tsalle ba shi da dalilin da farkonshi zai yi nisa da sauran haka. Ni da zan ba shi lissafi, 47, 49, 50, 49, jimla 3:15. Ta farkon za ta yi mishi kamar wasa yake, zai ji kamar ana cutarshi, ya daure kar ya ƙara.

Hajiya Mamar Yara: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ɗiyata ke koyo, babanta ke riƙe mata kurono, ran nan ya ce ta yi 30 gobe ya ce 33 yarinya har da kuka, ashe wani lokaci yana latsawa in hannunta ya taɓa bango wani lokaci sai ta juya ta tura da ƙafa. Sai da muka tsaida abu guda. Ka tambayi ƙanenka yaushe yake latsawa

Ɗan Sabon Gari: Hajiya na gode, na tambaye shi ya ce wai in ya ga na "iso" 🤦 Yau da safe mun sake, na ce mishi hannu na taɓa bango ka latsa, kuma kowace 25 wannan karon. Metir wallahi na yi niyyar sassautawa amma ina shiga ruwa na manta, 3:20 ɗin dai ta sake fitowa: 20, 22, 24, 26, 27, 29, 27, 25

Metir: Hajiya ta yi gaskiya, kuma tunda da hannu ake latsawa kar ka damu da bambancin rabin sakan, na sakan 2 ko 3 shi ne magana. To yanzu hoton ya fito sosai. Ba a hamsin ta uku ka faɗi ba, tun tahiya ta biyu kake zamewa, kusan sakan bibbiyu kowace tahiya har ka kai 29 a ta shida. Saura tambaya ɗaya da kurono kaɗai ba zai amsa ba, shin a tsakiyar ruwa kake rage gudu ko a bango kake tsayawa shan iska. Mutane da yawa in sun gaji suna kama bakin fisin su ɗaga kai su ja numfashi biyu kafin su tura, kuma juyi 7 ne a cikin 200 ɗinka, sakan ɗaya-ɗaya ma 7 ke nan.

Ga yadda za ka gane. Ka auna mita 5 daga bango ka ajiye bidon ko takalmi a bakin ruwa, ƙanenka ya ɗauki bidiyo daga gefe. Ka duba daga lokacin da kanka ya wuce bidon za ka bango har ya sake wuce shi ka dawo, a juyi na farko da na shida. In na shidan ya fi da sakan 2 ko sama, bango na cin rabonshi. Sannan a bidiyon ka ƙirga hannu nawa kake jefawa a kowace tahiya. In ka fara da 20 ka koma 26, hannunka ya gajarce, dukan ruwa kake ba jan shi ba, sau da yawa ma za ka ga ƙugu ya nutse. In kuwa adadin bai canza ba lokaci ne kawai ya hau, juyawar hannun ce ta yi sanyi.

Don jiki ya haddace gudun, yi 50 sau 4 kowace a 48 ko 49, hutu sakan 20 tsakani. Ran da huɗun suka fito daidai ka rage hutun zuwa 15, sannan 10. In ta farko ta fito 44 kar ka yi murna, ka ɓata ne, sake.

Na Bagalam: Ni har yanzu ina ganin 47 ta yi mishi zafi, mutumin da ke kaiwa 29 a tahiya guda. Ya gwada 50 mu gani wa ya yi gaskiya

Mai Shayin Tasha: Duk kun bar babbar magana, wa ya ce fisin ɗin 25 ce? Mai gadi ne ya faɗa mishi fa. Ni da na koyi iyo a gulbi da damina ba a taɓa auna min komai ba amma ko ni na san fisin otel ba don tsere aka gina ta ba

Ɗan Sabon Gari: Kai kuma ka tada min hankali 😅 mai gadin ne kuwa. Gobe zan ari mitar awo wurin magini maƙwabcinmu, in auna tsawon in auna mita 5 ɗin gaba ɗaya. Metir bidiyon a tsaye za a riƙe salular ko a kwance?