Na biya kudin makaranta cif amma shit yana cewa ana bina bashi

Salam jama'a, don Allah masu sanin Excel ku taimaka min. Ni daliba ce, na biya kudin zangon farko 16,667 kamar yadda aka rubuta min, amma sai ga sunana cikin masu bashi, alhali gurbin saura 0 yake nunawa. Ma'ajin makarantarmu ya bude min shit din muka duba tare, ashe kudin shekara 50,000 aka raba uku da `=B2/3`, ainihin lambar 16,666.666... ce, boye desimal kawai aka yi, shi ya sa saura na -0.33 ne ba 0 ba, wannan fomular kuma sai sifili cif take yarda:

```
=IF(E2=0,"ya biya","bashi")
```

Na ce ya gwada `=ROUND(B2/3,0)`, sunana ya fita kam, amma yanzu zango uku sun tashi 50,001, kowane dalibi an dora masa 1 kenan, shi kuma ya ce ba zai iya kare wannan gaban mai binciken kudi ba, gaskiyarsa kuwa. To zango na uku za mu mayar 16,666 ta hanyar cire biyun farko daga jimla? Wadanda iyayensu suka riga suka biya 50,001 fa, ya za'a shigar da rarar?