Malamin lissafi ɗaya, jadawali ya ƙi zama

Assalamu alaikum shugabannin makarantu. Sakandarenmu tana da azuzuwa shida amma ɗakuna biyar, malamin lissafi kuma ɗaya ne. Kowane aji na buƙatar darasin lissafi biyar a mako, talatin ke nan, alhali darussan mako talatin da takwas ne, domin ranar Juma'a shida kawai muke yi.

Na fara saka lissafi kafin komai, sai ya zama malamin yana yin darasi shida a jere ba hutu. Na haɗa aji biyu, ɗakin ya ƙi ɗaukarsu. Ajin da ba shi da ɗaki kuma kullum yana karo da darasin kimiyya.

Wanne ake fara kafawa a jadawali, malamin ko ɗakin?