Naira 600,000 da kamfani ya cire daga kuɗin haya: harajin waye?

Alhaji Sale, Agege: Salamu alaikum jama'a. Na ba wani kamfani hayar sitona a Oko-Oba, naira miliyan 6 a shekara. A Janairun 2026 suka turo 5,400,000, akawunsu ya ce sauran WHT ne, wato harajin da ake cirewa kafin a biya mutum kuɗinsa. Ni na ce harajin kamfani ne, su biya daga aljihunsu su ciko mini kuɗina. Ko ba haka ba?

Ɗanlami mai tireloli: Haka ne Alhaji, kada ka yarda. Kai ka gina, kai ka sa ƙofa, sannan wani ya yanke maka? Shekara goma sha ina karɓar hayar ɗakuna a Idi-Araba, ba wanda ya taɓa cire mini ko sisi.

Hajiya Rabi, akawu: Ɗanlami, masu hayarka ɗaiɗaikun mutane ne, doka ba ta ɗora musu cirewa ba. Kamfani kuwa an ɗora masa. Alhaji, ka yi haƙuri, harajin nan naka ne. Kuɗin haya kuɗin shiga ne kamar ribar kasuwa, mai gida ake bi. Abin da doka ta ce wa kamfani shi ne ya riƙe kashi 10 cikin 100 ya kai wa hukuma da sunanka, kamar kafin alƙalami. In bai cire ba, shi za a ci tara, shi ya sa akawun ba zai saurare ka ba ko ka kai ƙara wajen Sarkin Hausawa.

Ɗanlami mai tireloli: To ni ke nan babu ruwana.

Hajiya Rabi, akawu: Da ruwanka dumu-dumu. Rashin cirewa bai yafe maka harajin ba, kai ne za ka bayyana da kanka. Amma bari mu gama da na Alhaji.

Malam Bashir, Mile 12: Ni ina tare da Hajiya, amma abin bai kai a tada jijiyar wuya ba. An cire kashi 10, gwamnati ta karɓi nata, magana ta ƙare. Alhaji ya ci 5,400,000 ɗinsa cikin kwanciyar hankali. Ai da sauƙi ma.

Hajiya Rabi, akawu: Malam, rabin farko daidai ne, na biyun ne da gyara. Ga mutumin da ke zaune a ƙasar nan, abin da aka cire daga haya ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Alhaji, nawa ka kashe wa siton a bana?

Alhaji Sale, Agege: Damina ta ɓata kwano, na canza wani sashe, na gyara kwata. Wajen 500,000.

Hajiya Rabi, akawu: To mu ɗauka kana da rasit, kuma mu ɗauka hayar nan kaɗai ce kuɗin shigarka. Daga miliyan 6 ake fara lissafi, ba daga abin da ya shigo asusunka ba. A cire gyara, saura 5,500,000. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye ana ɗaukar kashi 15, wato 330,000. Ragowar 2,500,000 sun faɗa matakin kashi 18, wato 450,000. Jimla 780,000. Kamfani ya riga ya biya maka 600,000, saura 180,000 a kanka, za ka cika idan ka kai bayanin shekararka ga LIRS, wa'adinsa 31 ga Maris na 2027.

Kuma kowa a nan ya san Alhaji yana da shanu a Abbatuwa. Ribar shanun da hayar a kwano ɗaya ake zuba su, don haka cikon zai fi haka. Gyaran ma a lura: canza kwanon da ya ruɓe gyara ne, amma ƙara sabon ɗaki a jikin sito gini ne, ba a cire shi haka kai tsaye.

Alhaji Sale, Agege: Innalillahi. Na zo neman ciko, an ce ni zan yi ciko.

Usman Gwarzo: Ni fa na ji an ce sabuwar doka ta yi rangwamen haya har 500,000. Alhaji ya nema mana.

Hajiya Rabi, akawu: Wannan na ɗan haya ne, Usman, mutumin da ke biyan hayar gidan da yake zaune. Kashi 20 na hayarsa, kada ya wuce 500,000. Mai karɓar haya ba shi da rabo a ciki.

Barista Nura: Baba Alhaji, kafin a rufe maganar ciko, me takardar yarjejeniya ta ce? In an rubuta miliyan 6 kawai, kamfani ya biya ka cif, 5,400,000 a hannunka, 600,000 a hannun hukuma. Masu gidaje da yawa a Legas suna cewa su miliyan kaza suke so a hannu. To wannan ƙarin haya ne aka sa masa wata riga. Don ka tashi da miliyan 6 bayan cirewa, sai hayar ta zama 6,666,667, a cire 666,667, kuma a kan babban adadin za a yi maka lissafin shekara. Kana iya neman haka lokacin sabuntawa, su kuma suna iya ƙi.

Alhaji Sale, Agege: Miliyan 6 aka rubuta, ɗana. Dillali ne ya kawo takardar na sa hannu.

Malam Bashir, Mile 12: To ni abin da ke damuna daban ne. Wa ya tabbatar kuɗin sun isa? Wani kamfani ya yi shekara uku yana cire wa yayana, ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji aka duba aka ce babu ko kwabo da sunansa. Ashe akawun yana rubutawa ne a littafi kawai.

Hajiya Rabi, akawu: Nan ne ya kamata Alhaji ya kai ƙarfinsa, ba wajen rigimar ciko ba. Tunda kai mutum ne ba kamfani ba, kuɗinka hukumar jiha za su, kuma wa'adin kamfani na kai su yana cikin watan da ke bin watan da ya biya ka. Ka ce su ba ka rasit na cirewar. Ka duba abu uku a jiki: sunanka yadda yake a rajistar haraji, lambarka ta haraji, da hukumar da aka biya. Kuskuren da na fi gani shi ne a tura wa hukumar tarayya saboda akawu ya saba da haka, ko a sa sunan dillali don ta asusunsa kuɗin suka bi. Ranar lissafi sai a ce 780,000 ake bin ka gaba ɗaya. Ƙa'idojin cirewa na 2024 sun ce in kana riƙe da rasit, a lissafa maka kuɗin a matsayin harajin da ka biya ko da kamfani bai kai ba, a bi shi bashin. In babu takarda kuwa, bakinka ne kawai.

Usman Gwarzo: Amma Alhaji ɗan Kano ne, iyalinsa suna Fagge. Me zai sa Legas ta ci?

Barista Nura: Ba asali ake dubawa ba, ba kuma inda ginin yake ba, inda mutum yake zaune ake dubawa. Wanda ke zaune a Kano yana da sito a Agege, harajin hayarsa na Kano ne, Legas tana da Land Use Charge ɗinta a kan ginin, wanda shi abu ne daban. Baba Alhaji kuwa shekara talatin yana Agege.

Alhaji Sale, Agege: Wata huɗu nake yi a Kano duk shekara fa.

Barista Nura: Mai gida biyu a jiha biyu, akwai ƙa'idar babban mazauni, kuma hukumomin kansu sukan ja a kai. Wannan sai na ga takardunka, ba zan yanke a nan ba.

Ɗanlami mai tireloli: Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya ba kamfani haya ya jawo wa kansa ido. Gara masu ɗaki ɗaya.

Hajiya Rabi, akawu: Masu ɗaki ɗayan da ke aikin albashi za su fara rubuta sunan mai gida don su samu rangwamen da Usman ya ambata, Ɗanlami.

Alhaji Sale, Agege: Na kira akawun yanzu. Ya ce rasit sai Litinin, wai mai sa hannu ya yi tafiya. Na tambaye shi wace lamba suka sa, ya yi shiru, sannan ya ce in turo masa tawa. Hajiya, a ina zan ga lambar nan?