Wane makulli ne gwaggon biri ba ya iya buɗewa a duron shara?

Jama'a, masu walda musamman, ina neman shawararku. Gida ne a bakin daji, garken gwaggon biri na zuwa kullum da sassafe. Sharar tana cikin duron ƙarfe mai cin lita 200. Da farko kifar da shi suke yi, murfin ya faɗo, sai aka ɗaure shi da sarƙa a jikin turken da aka kafa da siminti. Wannan ta wuce. Reshen mangwaron da suke bi su dira kan kwano, har ƙusoshi su saki ɗaki ya yi yoyo, shi ma an sare shi.

Murfin ne ya gagara. Robar tayar da aka ɗaure shi da ita cizge ta suke yi. Sakata kuwa cikin mako guda babban namijin ya gane yadda ake zare ta. Kwaɗo yana riƙewa, amma idan yara ba su ga mabuɗi ba sai su ajiye ledar ɓawon ayaba da ƙanzo a gefe, gobe garken ya dawo, awaki na biye.

Akwai maƙalin da ke kulle kansa da an saki murfin, wanda sai an danna sannan a murɗa yake buɗewa? Da wane kaurin ƙarfe ake haɗa shi? Don Allah ban da maganar guba.